Gyaran murya ya ƙi ƙarewa tun bayan mura

Malam Nura Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara. Na yi mura tun farkon shigowar sanyi, ta warke, ba zazzaɓi ba ciwon kai, amma ta bar min wani abu a maƙogwaro. Kamar majina ce ke gangarowa daga can bayan hanci tana maƙalewa, in na yi kaki ba abin kirki ke fitowa ba, ɗan fari ne mai yauƙi. Sai ƙaiƙayi, sai gyaran murya ba kai ba gindi. An fi wata guda yanzu. Da dare in na kwanta ya fi matsa min, da asuba kuma sai na daɗe ina fama kafin murya ta fito. Aikina koyarwa ne, yara har sun fara kwaikwayona. Ranar nan a sallar Isha'i na yi ta yi, har liman ya ɗauka gyara nake masa. Na sha maganin tari kwalba biyu, na sha citta da lemun tsami, alewar sanyi kuwa ba ta rabuwa da aljihuna.

Abba Kwangila:
Wa alaikumus salam. Malam ai rabin Zariya haka suke yanzu. Shiga masallaci da asuba ka ji, kowa da nasa ƙarar. Hazo ne kawai, in ruwa ya sauka zai tafi.

Malam Nura Tudun Wada:
Abba ruwa sai wajen Afrilu ko Mayu fa. Kana nufin in yi ta yi har lokacin?

Baba Ɗanjuma Ƙofar Doka:
Yaro, ka duba beli. In ya yi tsawo yana taɓa bayan harshe, haka yake sa mutum ƙaiƙayi da tari da dare. A zamaninmu wanzami ake kira ya cire, magana ta ƙare. Buɗe baki gaban madubi ka gani, in ya sauko ya yi ja to shi ne.

Sadiq mai kemis:
Malam Nura, wannan ya zama infekshan. Mura da ta wuce wata ai ta zauna. Ka samu antibayotik na kwana biyar, ka haɗa da firiton da dare, sannan maganin ɗigawa a hanci. Mutane da yawa na zuwa min da irin wannan a lokacin hunturu.

Anti Binta nas:
Wa alaikumus salam. Malam Nura sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin kowa ya sake ba ka magani, amsa min waɗannan. Kana atishawa a jere, uku huɗu biyar, musamman da safe? Idanu ko cikin hanci na ƙaiƙayi? Bara da bara waccan ka yi irin wannan a wannan lokaci? Ka rame, ko kana gumin dare, ko ka taɓa ganin jini a kakin? Kana shan wani magani kullum, kamar na hawan jini? Sannan abin nan tari ne na gaske daga ƙirji, ko gyaran murya ne daga wuya?

Malam Nura Tudun Wada:
Anti na gode. Atishawa kam ina yi da safe, wani lokaci har ƙwalla. Ido na ƙaiƙayi. Bara ma na yi, amma bai kai haka ba. Ban rame ba, ba gumi, ba jini. Ba na shan maganin komai. Daga wuya ne, ƙirjina lafiya lau. Hancina kuma ɓangare ɗaya ke toshewa da dare, in na juya sai ya koma ɗayan.

Anti Binta nas:
To daga abin da ka faɗa, matsalarka a hanci take, maƙogwaro kawai wurin da kake jin ta ne. Hancin mai lafiya ma yana yin majina kullum, kusan lita guda a wuni, tana bi ta baya muna haɗiyewa ba mu sani ba saboda ba ta da kauri kuma hanyar ba ta kumbura ba. Idan mura ta kumbura fatar cikin hanci, ko kuma jikin mutum ba ya jituwa da ƙura, sai majinar ta ƙaru. Iskar hunturu kuma busasshiya ce, tana tsotse ruwan da ke cikinta, sai ta yi kauri ta riƙa maƙalewa a bayan ganɗa maimakon ta wuce. Da rana kana tsaye, kana haɗiye miyau, kana shan ruwa, tana tafiya. Da ka kwanta sai ta taru a wuya, kuma da yake hancin ya toshe da baki kake numfashi, maƙogwaro ya kwana a bushe. Shi ya sa asuba ta fi maka wuya.

Atishawa a jere, ƙaiƙayin ido da dawowar abin kowace shekara sun fi nuna aleji, wato rashin jituwar jiki da abu kamar ƙura. Murar ta zo ne ta tarar da hanci da ma a hasale. Maganin tari da alewa duk maƙogwaro suke lallashi. Rufi ne ke yoyo kai kuma kana ta goge daɓe.

Sadiq mai kemis:
Anti ban musa ba, amma wata guda fa. Ba a rufe da antibayotik ba ko don kariya?

Anti Binta nas:
Sadiq ƙanina, kariya daga me? Antibayotik ba ya taɓa aleji, ba ya taɓa ƙwayar da ke kawo mura. Inda ake tunaninsa shi ne idan mutum ya wuce kwana 10 da majina mai kauri kamar ruwan ƙurji ba sauƙi, ga ciwo a kumatu ko goshi, sau da yawa ɓangare ɗaya, ga zazzaɓi, ko ya fara warkewa sai abin ya dawo da ƙarfi. Malam Nura ba shi da ko ɗaya. Ko launin majina shi kaɗai ba hujja ba ne, murar yau da kullum ma tana sa ta yi kore ko rawaya kwana biyu ta washe.

Firiton da ka ce akwai gaskiya a ciki, yana busar da majina kuma mutum ya samu barci. Amma yana sa magagi har washegari, ban so mai tuƙa keke ko mashin ya sha shi ya fita. Dattijon da fitsari ke masa wahalar fita ma ya kiyaye shi. Kuma a wannan busasshen yanayi wasu in sun sha sai bakin ya bushe, majinar ta ƙara danƙo. Maganin ɗigawan kuwa wanne kake nufi?

Sadiq mai kemis:
Mai buɗe hanci nan take. Xylometazoline ne a jikin kwalin.

Maman Ilham Samaru:
Wayyo, wannan abin. Ku bar ni in ba ku labari. Mijina ya fara ɗiga shi wani hunturu, minti kaɗan hanci ya buɗe, ya ce ya samu magani. Daga sau biyu a rana ya koma ko'ina da shi, ɗaya a mota, ɗaya ƙarƙashin filo. In ya ƙare da dare sai an fita neman kemis da ke buɗe. Damina ta zo, ƙura ta kwanta, hancin bai buɗe ba. Sai da muka je asibiti likitan hanci ya ce maganin ne da kansa ya zama cutar. Ya sa ya daina a hanci ɗaya tukuna, ya ba shi wani na fesawa daban. Makon farko ba mu yi barci ba, shi da ni.

Anti Binta nas:
Haka yake. Yana matse jijiyoyin jinin cikin hanci ne, kumburi ya sauka. In an daɗe ana yi, da ƙarfinsa ya sake sai kumburin ya dawo fiye da da, mutum ya sake ɗigawa. Kwana uku zuwa biyar a lokacin mura mai tsanani ba laifi, kada dai ya wuce mako. Ga wanda abin ya fi wata kamar Malam Nura, ba nasa ba ne sam.

Baba Ɗanjuma Ƙofar Doka:
'Yata Binta, ba ki ce komai kan beli ba. Ni an cire min tun ina yaro, ga ni na haura saba'in.

Anti Binta nas:
Baba Allah ya ƙara tsawon rai. Abin da ka gani gaskiya ne, mai irin wannan larura in ya buɗe baki sau da yawa za a ga belin ya yi ja ya ɗan kumbura. Amma kakin da yake yi da ƙarfi, da kwana da baki a buɗe, su suka kumbura shi. In an cire, majinar ba ta fasa gangarowa ba. Mu kuma a asibiti mun sha karɓar waɗanda aka kawo jini ya ƙi tsayawa bayan an cire, ko wurin ya ruɓe, ga haɗarin sandarewar wuya da cututtukan da ake ɗauka ta ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi. Ina roƙon a bar wa Malam Nura belinsa.

Baba Ɗanjuma Ƙofar Doka:
To. Ku 'yan boko kun fi mu sani. Ni dai na san waɗanda aka cire wa suka samu lafiya.

Malam Nura Tudun Wada:
Baba a yi haƙuri, ni ko aski ma da ƙyar nake zama. Anti to me zan yi?

Anti Binta nas:
Fara da wanke hanci da ruwan gishiri, shi ya fi arha kuma shi ya fi saurin nuna bambanci. Ɗauki ledar fiya wata ɗaya, rabin lita ke nan, ka juye a tukunya mai tsabta ka tafasa, ya yi kamar minti ɗaya yana tafasa, ka sauke ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi yadda in ka ɗiga a bayan hannu ba ka jin zafi. Zuba gishirin girki ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a shafe, ya ma ɗan gaza cika, ba tuli ba. Juya har ya narke.

Sayi sirinji babba, mai 20 ml, ka cire allurar ka yar. Tsaya gaban baho ko a makwarara, sunkuya, karkata kai gefe kaɗan, buɗe baki ka riƙa numfashi ta nan. Sa bakin sirinjin a hancin da ke sama ka tura a hankali, ba da ƙarfi ba. Ruwan zai zagaya ya fito ta ɗaya hancin, wani ya zubo ta baki, ka tofar. Yi cikin sirinji uku zuwa biyar a kowane ɓangare. In ka gama ka fyace a hankali, hanci ɗaya bayan ɗaya, kada ka toshe duka biyun ka busa, ruwan zai iya hawa kunne. Sau biyu a rana, da safe da kuma bayan Magariba. Kada ka yi shi dab da kwanciya, don ragowar ruwan kan ci gaba da sauka na ɗan lokaci. Ranar farko ka duba abin da zai fito bayan ka dawo daga makaranta, za ka ga ƙurar hanya da garin alli da idonka.

Ruwan da ya kwana a zubar a haɗa sabo. Sirinjin a wanke a shanya, kuma naka ne kai kaɗai, ba na gida ba.

Usman Gyallesu:
Anti ai mu Musulmi muna shaƙa ruwa sau biyar a rana wajen alwala. Ba shi ke nan ba? Me ya kawo tafasawa da sirinji?

Anti Binta nas:
Shaƙar alwala na taimakawa ƙwarai, tana fitar da ƙurar bakin hanci, wanda yake yin ta da kyau ya fi wanda ke taɓa ruwa a hanci kawai. Amma ɗan ruwan tafin hannu ba ya kaiwa can baya inda majinar ke taruwa. Kuma ka lura in ka shaƙa ruwan buta da ƙarfi yadda yake yaji har cikin kai, musamman da sanyin asuba. Ruwa zalla ne ke yin haka. Gishirin da aka auna daidai yana sa ruwan ya yi kusa da na jiki, sai ya wuce ba raɗaɗi. Tafasawa kuwa saboda yawan ruwan da za a tura ciki ne. Ruwan rijiya ko na tanki da ciki zai iya ɗauka, ba lallai can cikin hanci ya ɗauka ba.

Hajiya Lami Sabon Gari:
Ni kanwa nake jiƙawa in kurkure wuya, tana tsinka majina sosai. Ba za a ɗan sa ta a ruwan ba?

Anti Binta nas:
Hajiya a'a, kada kanwa ta shiga hanci. Ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan zuwa wancan, ga ƙasa a ciki, tana iya ƙona fatar. Gishiri kawai ya isa. In ruwan ya yi yaji, yawanci gishirin ne ya yi yawa ko ya yi kaɗan ainun, ko ruwan ya yi sanyi.

Jamilu Palladan:
Ni ma ina da irin wannan, duk lokacin da na ci abu mai yaji ko na sha shayi da dare sai in ji wuta na tasowa daga ƙirji har wuya, da safe bakina ɗaci. Zan gwada sirinjin.

Anti Binta nas:
Jamilu naka daban ne, ƙwannafi kake bayani. Ruwan ciki ne ke hawowa, shi ma yana sa gyaran murya da dashewar murya da safe, har mutum ya rantse majina ce. Sirinji ba zai yi maka komai ba. Ka riƙa cin abincin dare da wuri, a samu kamar awa uku kafin ka kwanta, ka rage yaji da maiƙo da dare, ka ɗaga wajen kan gadonka. In ya ci gaba ka ga likita. Akwai masu haɗa biyun kuma, shi ya sa wani zai gyara hanci tsaf amma wuyan bai bari ba.

Malam Nura Tudun Wada:
Ni dai ba na jin ƙwannafi. Anti bayan wankin, ba wani magani?

Anti Binta nas:
Akwai. Tunda alamunka na aleji ne, ƙwaya ɗaya ta cetirizine ko loratadine, mai 10 mg, sau ɗaya a rana, za ta rage atishawa da ƙaiƙayi. Ta farkon tana ɗan sa wasu barci, sai a sha da dare. Sai dai ba su cika buɗe hancin da ya toshe ba. Wanda ya fi yin aiki a kan kumburin kansa shi ne maganin fesawa a hanci irin su fluticasone ko mometasone. Na fi so ka je asibiti a haska hancin a rubuta maka, don a tabbatar ba wani tsiro ko karkacewa a ciki. Ko asibitin kusa da kai, in sun ga da buƙata su tura ka sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Shika.

Abin da ke sa mutane su ce bai yi ba guda biyu ne. Na farko gaggawa. Ba ya buɗe hanci nan take kamar na Sadiq, sai an yi kwanaki ana fesawa kullum kafin a fara ji, cikakken aikinsa kan kai mako biyu. Mutum ya fesa kwana uku ya jefa a durowa. Na biyu yadda ake fesawa. Sai ka ga an ɗaga kai sama, an fesa, an zuƙe da ƙarfi, maganin ya wuce kai tsaye maƙogwaro, a ji ɗacinsa a baki. In ka ji ɗacin nan, cikinka ka ba magani, hancin bai samu ba. Ka wanke hanci tukuna, ka jira kamar minti goma. Girgiza kwalbar, sunkuyar da kai kaɗan kamar mai kallon yatsun ƙafa. Hannun dama ya fesa hancin hagu, hannun hagu ya fesa na dama, ta haka bakin kwalbar zai kalli gefen kunne, ba bangon tsakiyar hanci ba. Wanda ke fesa wa bangon tsakiya kullum shi ke zuwa yana kukan haɓo. Ka shaƙa a hankali kamar mai sunsunar turare, shi ke nan.

Sadiq mai kemis:
Wannan na hannu da hannu ban taɓa ji ba wallahi. Amma Anti ki faɗa musu gaskiya, na fesawan nan yana da tsada yanzu, ba kowa zai iya ba. Kuma mutane na tsoron sa, an ce irin maganin da mata ke sha su yi ƙiba ne.

Anti Binta nas:
Danginsu ɗaya, amma abin da ke shiga jini daga feshin hanci kaɗan ne ƙwarai, ba a kwatanta shi da ƙwayar da ake haɗiya. Maganar tsada gaskiyarka ne. Shi ya sa na fara da gishiri. Wanda nasa ragowar mura ce kawai, ba atishawa ba ƙaiƙayin ido, sau da yawa wankin da haƙuri sun ishe shi, cikin makonni abin ke lafawa da kansa.

Maman Haidar Hanwa:
Don Allah ku ba ni dama. Mahaifiyata ce, ta kusa wata huɗu tana wani busasshen tari da ƙaiƙayin wuya, ba mura ba majina. Mun yi zuma, mun yi habbatus sauda, mun yi sirace. Na ga Anti ta tambayi Malam maganin hawan jini, shi ya sa gabana ya faɗi, don ita tana sha.

Anti Binta nas:
Duba kwalin ki rubuto min sunan. Yaushe aka fara ba ta?

Maman Haidar Hanwa:
Lisinopril. An canza mata shi wajen watan Mauludi.

Anti Binta nas:
To akwai yiwuwar shi ne. Sanannen abu ne, wannan maganin da 'yan'uwansa na sa wasu busasshen tari mai ƙaiƙayi, ba ya jin maganin tari. Kada ta daina sha da kanta, jininta zai hau. Ku koma wurin likitan da ya rubuta ku faɗa masa, akwai wasu da za a musanya mata. Bayan an canza ma yakan ɗauki makonni kafin tarin ya tafi. Kuma tunda ta daɗe haka, ku nemi a duba ƙirjinta a yi gwajin kaki a tafiya ɗaya.

Wannan na kowa ne ma. Tari na gaske da ya kai mako biyu, balle da rama, gumin dare, zazzaɓin yamma ko jini, ba a zama ana cewa hazo ne. A je a yi gwajin tarin tibi, kyauta ake yi a cibiyoyin gwamnati, ga asibitin Saye nan kusa da mu. Haka wanda muryarsa ta dashe fiye da mako uku, ko abinci ke maƙale masa, ko hanci ɗaya tak ke toshewa kullum yana fitar da jini ko wari. Malam Nura nasa yana sauya ɓangare, wannan ba abin tsoro ba ne.

Hajiya Lami Sabon Gari:
Ni dai na ce ruwan sanyi da nono ne ke kawo duk wannan. Duk ranar da na sha fura da dare, da safe wuyana cike.

Abba Kwangila:
Hajiya ni kullum sai na sha fura da ƙanƙara, ko gyaran murya ban sani ba.

Anti Binta nas:
Nono ba ya ƙara yawan majina, amma yana haɗuwa da miyau ya bar danƙo a wuya na ɗan lokaci, mai fama da abin zai ji kamar ya ƙaru. Fura da dare a kwanta a kai kuma tana iya tayar da ƙwannafi. In kin lura tana dame ki, ki mayar da ita rana.

Hajiya Lami Sabon Gari:
Ko da rana na sha haka ne. Jikina dai na sani.

Malam Nura Tudun Wada:
Wani abu kuma Anti. Ko babu komai a wuyan sai in ji dole sai na gyara. Kamar ya zama min ɗabi'a.

Anti Binta nas:
Ya kan zama. Duk gyaran murya ɗaya, igiyoyin muryar ne ke bugun juna da ƙarfi. Su ɗan kumbura, kumburin ya sa ka ji kamar akwai abu, ka sake gyarawa. Ko majinar ta tsaya, wannan zagayen na iya ci gaba shi kaɗai, ga ka malami kana ɗaga murya tun safe. Ajiye gorar ruwa a kan teburinka. Da ka ji abin ya taso, kurɓi kaɗan, sunkuyar da haɓa ka haɗiye da ƙarfi sau ɗaya ko biyu. In ba ruwa, haɗiye miyau. Da farko za ka ji bai gamsar ba, ka daure. Alewar sanyin nan ka rage, mai yaji-yajin tana sanyaya wuya na minti kaɗan sannan ta bar shi a bushe. Ruwan ɗumi da zuma cokali ɗaya da dare ya fi ta, ban da jariri da bai shekara ba, shi ba a ba shi zuma.

Ɗakin kwananka fa? Bargon da ka ciro daga akwati an wanke shi? Ana kunna maganin sauro mai hayaƙi? Turaren wuta?

Malam Nura Tudun Wada:
Bargo dai daga saman wadirob aka sauko da shi aka shimfiɗa. Maganin sauro ba ma kunnawa yanzu. Turaren wuta kuwa, Anti, kullum bayan Isha'i, kuma a rufe tagogi saboda sanyi. Wannan ba hurumina ba ne.

Maman Ilham Samaru:
Malam Nura kada ka je ka ce wa matarka ƙungiya ta hana turare, ba ruwanmu. Gida ba turare ai ba gida ba ne.

Anti Binta nas:
Ban ce a daina ba, ni ma ina yi. A turara ɗakin da la'asar kafin ya dawo, a buɗe taga hayaƙin ya fita, ƙamshin zai zauna a labule da shimfiɗa. Bargon a wanke a shanya a rana sosai, shara kuma a yayyafa ruwa tukuna ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma. In zai hau mashin ya sa takunkumi. Ya gwada mako biyu ya gani, in turaren ba shi da laifi sai a wanke shi daga zargi.

Usman Gyallesu:
Sirace fa? Babu wanda ya ambata. Ruwan zafi da man zafi a lulluɓa da bargo.

Anti Binta nas:
Tururi na sassauta majina na ɗan lokaci, wanda yake jin daɗinsa ya yi. Ba ya sauke kumburin aleji, kuma man zafin in ya yi yawa wasu tari yake tayar musu. Yara dai kada a yi musu da tafasasshen ruwa, ƙunar da muke gani a hunturu ta isa.

Malam Nura Tudun Wada:
Jama'a na dawo da bayani, yau kusan mako biyu. Wankin hanci ina yi safe da yamma. Ranar farko na ƙware, ruwa ya bi ta wuya na yi ta tari, ashe na rufe baki ne. Yanzu na iya. Abin da ya fito ranar da na bi ta Kwangila a mashin, ja ne kamar an jiƙa bulo. Ina shan cetirizine da dare, atishawar safe ta tsaya. Barci ya gyaru sosai, asuba ma da sauƙi. Amma hancin na nan yana toshewa cikin dare, kuma in na yi darasi biyu a jere gyaran muryar na dawowa. Na fesawan ban saya ba, ina jiran albashi in je a duba ni tukuna. An wanke bargo. Turare an mayar la'asar kwana huɗu, sannan aka yi baƙi.

Baba Ɗanjuma Ƙofar Doka:
Ka duba belin kuwa?

Malam Nura Tudun Wada:
Na duba Baba, yana nan, jan ya ragu.

Anti Binta nas:
Madalla. Ci gaba da wankin har ƙura ta kwanta. Ranar da za ka asibiti ka tafi da kwalin abin da kake sha, ka faɗa musu toshewar dare ce ta rage da kuma muryar aji. Maman Haidar, ya jikin Hajiya, an canza maganin?

Maman Haidar Hanwa:
An canza ranar Litinin, an karɓi kakinta ma, Alhamis za mu koma karɓar sakamako. Tarin dai har yanzu tana yi.